Bidiyo ɗaya, mabuɗi huɗu: yadda ake gwada su a gane wanda ya fi

Mabuɗin bidiyo shi ne abin da mai kallo yake gani kuma yake ji a sakan biyu zuwa uku na farko, kafin yatsansa ya yanke hukuncin tsayawa ko wucewa. Masu talla a TikTok, Instagram da Facebook a nan Kano sun daɗe da gane cewa bidiyo ɗaya zai iya mutuwa da wani mabuɗin, ya rayu da wani. Shi ya sa gwada mabuɗai ya zama ruwan dare. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen hukunci. Mafi yawa sai su ɗora guda uku, su dawo washegari su duba wanda ya fi `Views`, su ce shi ya ci. Wannan adadin kuwa shi ne mafi raunin shaida a duk abin da waya za ta nuna maka. A TikTok, da zarar bidiyo ya fara motsi an ƙirga shi a matsayin kallo, ko da mutum ya ture shi nan take. YouTube ma ya koma irin wannan ƙirgar ga gajerun bidiyonsa tun 31 ga Maris 2025. Wato adadin yana gaya maka mutum nawa manhaja ta kai wa bidiyon, ba mutum nawa mabuɗin ya tsayar ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce mai shagon atamfa ne a Kantin Kwari, yana da bidiyo na sakan 33 da ke nuna yadda ake gane atamfa mai zuba. Gangar jikin bidiyon sakan 30 ce: an yanko ƙyalle daga atamfa biyu, an tsoma kowanne a roba da ruwan omo, an matse, an goga a farin yadi, ɗaya ta bar launi ɗaya ba ta bari ba, sannan a faɗi kuɗin turmi a ce a yi magana ta WhatsApp. Sakan ukun da suka rage su ne na mabuɗi, kuma yana so ya gwada huɗu.

Na farko wanda ya saba ne: yana tsaye a shago yana cewa "Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka." Na biyu tambaya ce, fuskarsa kusa da kamara: "Hajiya, kin taɓa wanke sabuwar atamfa ruwan ya koma ja?" Na uku babu fuska ko kaɗan, hannu ne kawai yana ɗago ƙyalle daga roba, jan ruwa yana ɗiga, an rubuta "Wanki ɗaya kacal" a sama. Na huɗu kuwa na tayar da hankali ne, an dafe kai ana cewa "Innalillahi, an yi asarar lefe guda!" Mu kira su A, B, C da D.

Lura cewa huɗun nan sun bambanta a dabara ne, ba a kalma ɗaya ko biyu ba. Wanda zai gwada "kin taɓa" da "kin san" yana ɓata kuɗinsa ne, domin tazarar da za ta fito tsakaninsu ƙarama ce ƙwarai, sai da dubban ɗaruruwan masu kallo za a iya ganinta. Ƙaramin shafi manyan bambance-bambance kawai yake iya aunawa. Lura kuma cewa an bar tsohon mabuɗin, wato A, a cikin gwajin duk da ana zargin shi ne mai rauni. Idan babu shi, ba ka da ma'aunin da za ka ce sabon ya fi abin da kake yi da can.

Abin da ba a taɓawa

Sharaɗin gwaji shi ne mabuɗi kaɗai ya canja. A CapCut ana gama tace gangar jikin sau ɗaya, a yi `Duplicate` ɗin aikin sau uku, a sauya guntun farko a kowanne. Rubutun ƙasa, hoton bango, sautin baya da ingancin da aka fitar da bidiyon duk su zama iri ɗaya. Tsawon ma haka, kada tazara ta wuce sakan ɗaya, domin idan wani mabuɗin sakan 2 ne wani kuma 7, to lissafin waɗanda suka kalla har ƙarshe ya karkace tun kafin kowa ya gani.

Akwai abubuwa biyu da ke ɓata gwaji ba tare da mai shi ya sani ba. Na farko ƙarfin murya. Idan an ɗauki B da safe kasuwa shiru, aka ɗauki D da la'asar janareton maƙwabci yana ruri, to makirufo kake gwadawa ba dabara ba. A ɗauki dukkan mabuɗan a zama ɗaya, da haske ɗaya, a daidaita ƙararsu. Na biyu mahaɗa, wato inda mabuɗi ya haɗu da gangar jiki. Dole jimlar farko ta gangar jikin ta dace da kowanne daga cikin huɗun. "Ga yadda za ki gane tun a shago" tana bin A, B, C da D lafiya lau. Amma idan gangar jikin ta fara da "to amsar ita ce", B kaɗai ta yi wa hidima, sauran ukun za su zubar da mutane a sakan na huɗu ba da laifinsu ba.

Ina za a gwada

Hanyar da kowa ya fara sani ita ce ɗora su ɗaya bayan ɗaya a TikTok. Kyauta ce, amma ita ce mafi hayaniya. Wanda aka ɗora bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka kishingiɗa da waya, ba ɗaya yake da wanda aka ɗora da hantsin Litinin ba. Ƙarshen wata da albashi ya shigo ba ɗaya yake da tsakiyar wata ba, balle a ce azumi ya kama ana neman kayan Sallah. Sannan mabiyanka da suka ga na farko za su ture na biyu da na uku don sun riga sun san ƙarshen labarin, sai ya zama wanda aka fara ɗorawa ya samu fifikon da ba nasa ba. Ga kuma abin da TikTok da kansa ya bayyana tun 2020, cewa ba ya son tura wa mutane abin da aka maimaita ko wanda suka riga suka gani. Don haka idan na uku ya tsaya a kallo 200, ba lallai mabuɗin ne ya kashe shi ba.

Wanda ba shi da kuɗin talla zai iya rage wannan matsalar ta hanyar juya layi. Maimakon bidiyo ɗaya, a yi amfani da bidiyo uku mabambanta cikin mako uku, kowanne da salon mabuɗi uku. Makon farko tambaya ta fara fita, na biyu hoton sakamako ya fara, na uku gaisuwa ta fara, kullum a lokaci guda na dare. Idan salo ɗaya ya yi gaba ko a farko aka sa shi ko a ƙarshe, to an samu abin riƙewa.

Instagram ya ɗan sauƙaƙa lamarin da `Trial reels`, wanda ya fito a Disamban 2024. Bidiyon da aka ɗora ta nan waɗanda ba sa bin ka ake fara nuna wa, ba ya fitowa a fuskar shafinka, kuma bayan kamar awa 24 za ka fara ganin alƙaluma. Amfaninsa shi ne mabiyanka ba za su gaji da maimaici ba, kuma baƙon ido kake aunawa, wanda shi ne ainihin wanda mabuɗi yake farauta. Akwai wani zaɓi a ciki da ke sakin bidiyon ga kowa da kansa idan ya yi kyau cikin awa 72. A kashe shi lokacin gwaji, in ba haka ba ɗaya zai samu mabiyanka sauran ba su samu ba. Sai dai ko a nan ba kai ke raba mutanen ba, manhaja ce ke ba kowanne abin da ta ga dama.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta kuɗi, wato `A/B test` a cikin Meta Ads Manager, inda ake saita tallan Facebook da Instagram. Shi yana raba jama'ar gida-gida, ta yadda wanda ya ga B ba zai ga C ba, kuma duk suna tafiya a ranaku ɗaya da kasafi ɗaya. Yana karɓar har kala biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba bidiyo huɗun a `Ad set` ɗaya, wato rukunin talla guda, ba tare da an kunna gwajin ba. Abin da ke faruwa shi ne Meta za ta zaɓi ɗaya tun da wuri ta juye masa mafi yawan kuɗin, sauran su zauna da 'yan ɗaruruwa, ka zo kana cewa an yi gasa alhali ba a yi ba.

Ga mai atamfarmu, saitin zai zama mata a Kano da kewaye, a bar tallan a `Reels` kaɗai, a ba shi kwana 7 don ya ratsa ranakun aiki da Juma'a da ƙarshen mako. Manufar tallan kuma ta zama saƙon WhatsApp. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci: idan ka ce wa Meta kallo kake so, za ta nemo maka mutanen da ke kallon duk abin da ya gifta, alƙaluma su yi kyau, shago kuwa shiru.

Tambayoyi uku, ba ɗaya ba

Bayan mako guda, tambayar farko ita ce: cikin waɗanda aka nuna wa, nawa suka tsaya? Ta biyu: cikin waɗanda suka tsaya, nawa suka zauna? Ta uku: nawa suka yi abin da ake so? A Ads Manager biyun farko haka ake fitar da su:

```
3-second video plays / Impressions
ThruPlays / 3-second video plays
```

`ThruPlays` yana ƙirga wanda ya kai sakan 15, ko ya gama bidiyon idan bai kai tsawon haka ba. Ta ukun kuma ita ce `Messaging conversations started`. A TikTok ana karanta makamancin haka daga zanen `Retention rate` da kuma `Watched full video`, a YouTube kuwa akwai `Stayed to watch` da `Swiped away`.

Mu ƙaddara ga abin da ya fito, alƙaluman na misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya. An nuna A sau 4,000, mutum 880 suka wuce sakan uku, wato kashi 22 cikin 100. Cikinsu 400 suka kai sakan 15, aka samu saƙo 9. An nuna B sau 4,100, 1,435 suka tsaya, kashi 35 ke nan, 690 suka zauna, saƙo 21. An nuna C sau 3,900, 1,482 suka tsaya, kashi 38, 700 suka zauna, saƙo 17. D kuma sau 4,000, mutum 2,040 suka tsaya, kashi 51, amma 390 kacal suka kai sakan 15, saƙo 6.

Duk wanda ya tsaya a tambayar farko zai ɗaga hannun D, kuma zai yi asara. D ya tsayar da fiye da rabin mutane, amma cikin kowane biyar da suka tsaya, huɗu sun gudu kafin tsakiyar bidiyo. Dalilin a fili yake. Ya yi alkawarin labarin lefe da rigimar dangin miji, sai mai kallo ya tarar da roba da omo. Waɗanda ya tsayar 'yan son jin gulma ne, ba masu neman atamfa ba. Irin wannan mabuɗin kamar yaron mota ne da ke kiran "Zariya, Zariya" alhali motar Wudil za ta: zai cika ta da wuri, amma kafin a fita tasha kowa ya sauka. Alamarsa a zanen kallo ita ce layin ya riƙe sama har sakan uku ko huɗu, sannan ya faɗo kamar an tunkuɗa shi daga kan katanga. A ƙarshe ma waɗanda D ya kai sakan 15 ba su kai na A ba, duk da ya ninka shi fiye da sau biyu a tsayarwa.

Ciwon A daban ne. Layinsa tun a sakan na farko yake zubewa, daga nan ya miƙe. Kusan kashi 45 na waɗanda suka jure gaisuwar sun zauna, kusan daidai da B da C, wanda ke nuna gangar jikin bidiyon lafiyarta ƙalau, ƙofar ce ƙunci. Ba wai sallama aibi ba ce, kuma mutumin Kano ba zai so a ce ya yar da ita ba. Abin da ake yi shi ne a bar hoton ya fara aiki tun daga sakan na farko, sallamar ta zo a kansa a gajarce, maimakon a tsaya cak ana jero barka da barka.

Tazarar da ta isa a yarda da ita

Saura B da C, kuma a nan ne ake bukatar haƙuri. C ya fi da maki 3 a tsayarwa, B ya fi da saƙo 4. Wa ya ci?

Ko bidiyo ɗaya tak ka raba wa rukuni biyu na mutane, sakamakon ba zai zo daidai ba, sa'a kawai za ta sa wani ya ɗara wani. Akwai lissafi mai sauƙi na sanin girman wannan sa'ar idan ana kwatanta kaso biyu, inda n yake nufin yawan waɗanda aka nuna wa kowane ɗaya, √ kuma alamar tushen lamba ce da ake dannawa a kalkuleta:

```
140 / √n
```

Amsar maki ce cikin 100. Idan kowanne mutum 400 ya gani, amsar 7 ce, ma'ana duk tazarar da ba ta wuce maki 7 ba kada ka gina komai a kanta. Idan 1,000 ne, kusan 4 da rabi. Idan 4,000 ne kamar namu, 2 da ɗan ɗoriya. To tazarar C a kan B, maki 3, ta tsallake amma da ƙyar. Idan kuma aka duba waɗanda suka kai sakan 15 cikin duk waɗanda aka nuna wa, B yana da kusan kashi 17, C kusan 18. Wannan kunnen doki ne.

Saƙonni kuwa, da yake 'yan kaɗan ne, sa'a ta fi wasa da su. A nan sai a haɗa adadin biyun, a fitar da tushensa, a ninka biyu, muddin an nuna su kusan daidai wa daida:

```
2 × √(a + b)
```

B da C sun haɗa 38, lissafin ya ba da kusan 12. Tazararsu 4 ce, ba ta kai ko rabi ba, saboda haka ba za a ce B ya fi C kawo ciniki ba. B da D sun haɗa 27, lissafin ya ba da kusan 10, tazararsu kuwa 15 ce. Wannan ta tabbata. B da A sun haɗa 30, iyakar kusan 11, tazarar 12, ta wuce da ɗan kaɗan.

Hukuncin gaskiya ke nan: D ya fita, A ya fita, B da C ba a raba su ba. Mutane ba sa son jin "ba a raba ba" bayan sun kashe kuɗi, amma sakamako ne mai amfani, domin ya rage huɗu zuwa biyu. Zagaye na gaba sai a zuba kasafin duka a kan B, C da na ukun da ya haɗa su, wato hoton jan ruwan da muryar tambayar a kansa. Da yake an rage yawansu, kowanne zai samu mutane fiye da na baya, iyakar sa'ar kuma ta matse.

A guji leƙawa kowace awa ana neman wanda ke gaba. A ranar farko, lokacin da kowanne bai wuce mutum 300 ba, jagoranci zai yi ta sauya hannu, kuma wanda ya kashe gwaji a daidai lokacin da nasa na so yake gaba ya zaɓi abin da ransa ke so ne kawai. A rubuta ranar rufewa da ma'aunin da za a yi hukunci da shi tun kafin a fara.

Su waye suka kalla

Wani abin da ke ruɗar masu sayar da kaya a Kano shi ne bidiyon Hausa ba ya tsayawa a Kano. A hanyar kyauta, manhaja za ta iya kai wani mabuɗin Yamai, Maradi, Kumasi ko Jidda, ya tara kallo mai yawa daga mutanen da aika musu turmi ɗaya ya fi turmin tsada. Kafin a kwatanta biyu, a buɗe sashen masu kallo a duba ƙasa, jinsi da shekaru, a kuma duba `Traffic source`. Idan kashi mafi yawa na ɗaya daga `For You` ya zo, na ɗayan kuma daga mabiya, to ba jama'a ɗaya suka yi wa jarrabawa ba. Mabiyi ya san fuskarka zai yi maka uzuri, baƙo ba ruwansa. Mabuɗi irin D ma yakan jawo samari masu neman abin dariya, alhali mai sayen atamfar lefe uwa ce ko gwaggo.

Sannan saƙo ba ciniki ba ne. "Nawa?" da aka turo aka ɓace ba ɗaya yake da wadda ta tura kuɗi ta ce a kai mata Hotoro ko Rijiyar Zaki ba. Don a san wane mabuɗi ya kawo wa, a ba kowanne alamarsa. A talla, saƙon da ke fitowa da kansa idan an danna zai iya ɗaukar harafin, a wajen talla kuma mahaɗin WhatsApp yana iya yin haka:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=B
```

Yaron shago sai ya riƙa rubuta harafin a gefen kowane ciniki a littafi. Bayan mako biyu za a iya tarar da cewa saƙonni 17 na C sun fi 21 na B zama kuɗi, ko akasin haka, kuma wannan lissafin ma sai an bi shi da waccan ƙa'idar ta tushe kafin a gaskata shi. WhatsApp Status shi kansa ba wurin gwada mabuɗi ba ne, domin sunayen waɗanda suka buɗe kawai yake nunawa, ba ya faɗin a sakan nawa suka fita.

Mabuɗin da ya ci ma yana da wa'adi. Kano babba ce, amma idan ka taƙaita talla ga matan wasu unguwanni masu wasu shekaru, mutanen ba su da yawan da ake zato, kuma za su fara ganin jan ruwan nan sau uku sau huɗu. A sa ido kan `Frequency`, wato sau nawa mutum ɗaya ya gani a matsakaici. Idan yana hawa, kason masu tsayawa kuma yana sauka mako bayan mako alhali ba a taɓa komai ba, to ido ya saba. A lokacin sai a dawo da wanda ya zo na biyu, ko a ɗauki sabon hoto a kan dabarar da ta ci, a sa su su kara da tsohon zakaran a ranaku ɗaya da kasafi ɗaya.